Ciniki nawa zai fitar da ni? Tambayoyi da amsoshi kan lissafin riba ga mai sayar da kaya iri-iri

Mai sayar da kaya iri ɗaya lissafinsa ba wuya: ya san abin da kowace ƙwaya take bar masa, ya san kuɗin haya da albashi, sai ya raba. Rigimar tana farawa ne idan kayan sun kai biyu ko uku, kowanne da farashinsa da abin da yake bari. Duk amsoshin da ke ƙasa an gina su a kan misali guda, wani gidan burodi mai kaya uku. Alƙaluman na koyarwa ne, an zaɓe su don su rabu daidai, ba farashin kasuwar yau ba ne.

Me ake nufi da matakin ba riba ba faɗuwa, kuma da me ake fara lissafinsa?

Shi ne adadin cinikin da idan ka yi shi a wata, kuɗin da suka shigo sun biya duk abin da aka kashe, ba ragi ba ƙari. Kafin a kai ga gano shi sai an raba kashe-kashen gidan gida biyu.

Akwai kuɗin da ke bin kaya: fulawa, sukari, yis, bota, leda, da ladan masu kai wa shaguna idan a kan kowace ƙwaya ake biyansu. In ba a gasa ba, ba a kashe su ba. Akwai kuma kuɗin dindindin, waɗanda ko an rufe tanda mako guda sai an biya su. A gidan burodinmu sun kai naira 1,800,000 a wata: haya 300,000, albashi 900,000, tsayayyen kuɗin wuta da janareta 240,000, sai gadi da gyare-gyare da tsufan injina 360,000.

Idan aka cire kuɗin da ke bin kaya daga farashi, abin da ya saura shi ake kira gudummawa. Sunan ya dace, domin ba riba ba ce tukuna. Gudummawa ce da kowace ƙwaya ke bayarwa wajen biyan kuɗin dindindin, sai an gama biyansu sannan abin da ya biyo baya ya zama riba.

| Kaya | Farashi | Kuɗin da ke bin kaya | Gudummawa | Gudummawa cikin ɗari |
|---|---|---|---|---|
| Babban burodi | 1,500 | 1,050 | 450 | 30 |
| Ƙaramin burodi | 600 | 480 | 120 | 20 |
| Kek | 1,000 | 400 | 600 | 60 |

To da wace gudummawar zan raba, tunda uku ne?

Ba da ko ɗaya a cikinsu ba. Duba abin da zai faru in ka gwada. Da kek kaɗai ake sayarwa, guda 3,000 sun isa su biya 1,800,000, wato cinikin naira miliyan 3. Da ƙaramin burodi kaɗai ne, sai an sayar da guda 15,000, cinikin naira miliyan 9. Gida ɗaya, haya ɗaya, ma'aikata ɗaya, amma amsar tana iya faɗawa ko'ina tsakanin miliyan 3 da miliyan 9. Abin da ke tsayar da ita wuri guda shi ne haɗin cinikin, wato nawa ake sayarwa na wannan idan an sayar da kaza na wancan.

Sai ka koma littafin cinikinka na watannin baya. Mu ce ka tarar a cikin kowace ƙwaya goma da ta fita, 4 babban burodi ne, 5 ƙarami, 1 kek. Ɗauki goman nan a matsayin ƙunshi guda, kamar a leda ɗaya ake sayar da su. Kuɗin ƙunshin: babba huɗu 6,000, ƙarami biyar 3,000, kek ɗaya 1,000, jimla naira 10,000. Gudummawarsa: 1,800 da 600 da 600, jimla naira 3,000. Ka ga yanzu kaya uku sun koma kaya ɗaya, lissafin ya dawo irin na mai kaya guda.

```
1,800,000 ÷ 3,000 = 600
```

Ƙunshi 600 ke nan. A warware su: babban burodi 2,400, ƙarami 3,000, kek 600. Kullum ka tabbatar da amsar kafin ka yarda da ita. Babba 2,400 sun ba da 1,080,000, ƙarami 3,000 sun ba da 360,000, kek 600 sun ba da 360,000. An haɗa, 1,800,000 cif. A kuɗi kuwa, ƙunshi 600 a kan naira 10,000 cinikin naira miliyan 6 ne.

Wanda ya fi son lissafi da naira kai tsaye yana da gajeriyar hanya. Gudummawar 3,000 a cikin cinikin 10,000 kashi 30 cikin ɗari ce. Raba 1,800,000 da 0.30, miliyan 6 ɗin dai za ta fito. Wannan hanyar ta fi wa mai kanti sauƙi, wanda kayansa suka yi yawan da ba zai iya ƙirga su ƙwaya-ƙwaya ba, sai dai ya kasa su rukuni-rukuni.

Me zai hana in haɗa gudummawar ukun in raba uku kawai?

Saboda yin haka tamkar ka ce ana sayar da kek daidai da yawan ƙaramin burodi ne, alhali ƙarami ya ninka shi sau biyar. Haɗa 450 da 120 da 600 ka raba uku, za ka samu 390. Da wannan, lissafi zai ce maka ƙwaya 4,615 sun isa. Gaskiyar matsakaicin kuwa 300 ne, wato 3,000 a raba wa ƙwaya goma. Mutumin da ya sayar da 4,615 ya koma gida yana cewa ya mai da uwar kuɗi, ya faɗi da fiye da naira 400,000 bai sani ba.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan ɓoyuwa, kuma ɗalibai masu shirin jarrabawar ƙungiyoyin akantoci ta ICAN ko ANAN su kula da shi sosai. Haɗin ciniki fuska biyu gare shi. A ƙirgen ƙwaya, 40 da 50 da 10 ne cikin ɗari. A ƙirgen naira kuwa, babban burodi ya kawo 6,000 cikin 10,000, don haka 60 da 30 da 10 ne. Idan gudummawar kowace ƙwaya za ka auna, yi da kason ƙwaya. Idan gudummawa cikin ɗari za ka auna, dole kason naira. Wanda ya cakuɗa, ya auna 30 da 20 da 60 da kason ƙwaya, zai samu 28 maimakon 30, sai amsarsa ta haura naira miliyan 6.4. Amsar tana kama da gaskiya, shi ya sa ba a saurin ganewa. Hanyar kama ta ita ce wadda aka nuna a sama: warware amsar zuwa kaya ɗaya-ɗaya, ka ga ko jimlar gudummawarsu ta yi daidai da kuɗin dindindin.

Mene ne tazarar tsira?

Ita ce ratar da ke tsakanin cinikin da kake yi da matakin ba riba ba faɗuwa. Mu ce gidan yana sayar da ƙunshi 800 a wata, cinikin naira miliyan 8. Tazarar tsirarsa miliyan 2 ce, ko ƙunshi 200. A raba da cinikin da ake yi, miliyan 2 cikin miliyan 8, kashi 25 cikin ɗari. Ma'ana ciniki zai iya sauka da rubu'i kafin a fara taɓa uwar kuɗi. A lura, da cinikin da ake yi ake rabawa, ba da miliyan 6 ba.

Duk ribar gidan daga cikin tazarar nan take fitowa. Miliyan 6 na farko aikin mai gidan haya da ma'aikata aka yi. Miliyan 2 na sama su ne naka, kuma kashi 30 ɗinsu, naira 600,000, ita ce ribar watan.

Daga nan ake gane wani abu da ke ba masu sana'a mamaki. Ciniki ya ragu da kashi 10 kacal, ya koma miliyan 7.2. Gudummawa ta zama 2,160,000, riba ta koma 360,000. Ciniki ya sauka da kashi 10, riba ta sauka da kashi 40, ninki huɗu. Huɗun nan ba haɗuwar sa'a ba ce: ɗaya ce aka raba da 0.25. Duk sanda tazararka ta ƙanƙance, girgizar da riba ke yi tana ƙaruwa. Mai tazarar kashi 10, kowace ƙaramar raguwar ciniki ninki goma take dukan ribarsa.

Cinikina bai ragu ba, har aiki ma ya ƙaru, amma riba ta zube. Ina kuɗin suka tafi?

Kafin ka fara zargin yaran shago, duba haɗin cinikin. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a nan, kuma ita ce ta bambanta mai kaya da yawa da mai kaya ɗaya.

Ga wani wata a gidan burodin. Bukukuwa sun yi ƙaranci, kek ya sauka daga 800 zuwa 200. Aljihun mutane ya yi sanyi, masu sayen babban burodi sun koma ƙarami, babba ya sauka daga 3,200 zuwa 2,400. Ga kuma masu shayi sun ƙara ɗaukar ƙarami, ya tashi daga 4,000 zuwa 7,000. A lissafa ciniki: 3,600,000 da 4,200,000 da 200,000. Miliyan 8 daidai, kamar watan da ya gabata. Ƙwayoyin da aka gasa ma sun ƙaru daga 8,000 zuwa 9,600. Duk wanda ya leƙo gidan zai ce kasuwa ta buɗe.

Amma gudummawa fa? Babba 1,080,000, ƙarami 840,000, kek 120,000, jimla 2,040,000. A cire 1,800,000, riba ta koma naira 240,000 daga 600,000. Ba a yi sata ba, ba a ƙara haya ba, fulawa ba ta tashi ba. Naira ce ta bar kayan da ke barin kashi 60 da kashi 30, ta koma kan mai barin kashi 20.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne matakin ba riba ba faɗuwa shi ma ya matsa. Gudummawar gidan yanzu kashi 25.5 ce cikin ɗari, don haka sai an yi cinikin kusan naira 7,060,000 kafin a fita. Tazarar tsira ta faɗo daga kashi 25 zuwa ƙasa da kashi 12. Mai gidan da ya haddace miliyan 6 a ransa zai ci gaba da zaton yana da ratar miliyan 2, alhali bai kai miliyan 1 ba. Shi ya sa a ganina duk wanda ya ce maka matakinsa kaza ne, bai faɗi a kan wane haɗi ba, rabin magana ya yi.

Alamar da ake gane wannan ciwo da ita mai sauƙi ce. Kowane ƙarshen wata ka raba jimlar gudummawa da jimlar ciniki. In lambar tana zamewa ƙasa alhali farashi da kuɗin kayan haɗi ba su canza ba, haɗin ne ya karkace.

Ina son ribar naira 900,000 a wata. Nawa zan sayar?

Ɗauki ribar kamar wata haya ce da dole a biya, ka ɗora ta a kan kuɗin dindindin.

```
(1,800,000 + 900,000) ÷ 3,000 = 900
```

Ƙunshi 900: babba 3,600, ƙarami 4,500, kek 900, cinikin naira miliyan 9. Wannan a kan haɗin 4, 5, 1 ne. A kan karkataccen haɗin wancan watan, ribar nan sai an yi cinikin kusan miliyan 10.6.

Kada ka tsaya a lambar, ka tambayi tandarka. In ƙunshi 900 ba zai yiwu ba sai an ɗauki ƙarin ma'aikata na dare a kan naira 150,000, to kuɗin dindindin sun hau mataki, sai ka ƙara ƙunshi 50 a kai. Kuɗin dindindin tsayayyu ne a cikin wani iyaka kawai, in an ƙetare shi sai su yi tsalle.

In ribar da nake so bayan an cire haraji ce fa?

Sai ka fara mayar da ita ribar kafin haraji. Mu ɗauka, don misali kawai, harajin kashi 25 ne cikin ɗari na riba. Abin da zai rage maka kashi 75 ne, don haka raba 900,000 da 0.75, ka samu 1,200,000. Ɗora a kan 1,800,000, ka raba da 3,000: ƙunshi 1,000, cinikin miliyan 10.

Mutane da yawa ƙara kashi 25 suke yi a kan 900,000, su samu 1,125,000. Cire harajin daga wannan ka gani, 843,750 zai rage. Rabawa ake yi, ba ƙarawa ba. Shi kuwa matakin ba riba ba faɗuwa harajin riba bai taɓa shi, tunda a wurin babu ribar da za a cira.

Na raba wa kowane kaya kasonsa na haya da albashi, sai na ga ƙaramin burodi faɗuwa yake yi. In daina shi?

Dakata. Mu ga yadda ka yi. Ƙarami shi ne rabin ƙwayoyin gidan, sai ka ɗora masa rabin 1,800,000, wato 900,000. Gudummawarsa a guda 4,000 ita ce 480,000. A takarda ya faɗi da 420,000. Ka daina shi, me zai faru? Mai gida ba zai rage maka haya ba, mai gadi yana nan, janareta yana nan. Abin da kawai zai tafi shi ne 480,000 ɗin, ribarka ta koma 120,000 daga 600,000. Da da kason naira ka raba maimakon kason ƙwaya, da 540,000 ka ɗora masa, faɗuwar ta koma 60,000. Lambar da ke canzawa saboda ka canza hanyar rabo ba abin yanke hukunci ba ce.

Abin da ya halatta a ɗora wa kaya shi kaɗai shi ne kuɗin da zai ɓace in an daina shi. In akwai mai yin kek na musamman da ake biya albashi don kek kawai, wannan na kek ne, kuma daidai ne a tambaya kek nawa za su biya shi. In albashinsa 150,000 ne, kek 250 ke nan.

Inda maganar daina ƙarami za ta iya yin ma'ana shi ne idan tanda ta cika, kuma akwai masu jiran babban burodi da ba su samu ba. A nan ba gudummawar ƙwaya ake kallo ba, sai gudummawar da kowane faranti ko kowace awar tanda ke kawowa. Ko a nan ma a tuna mai shayin da ke ɗaukar ƙarami hamsin sau da yawa shi ne mai ɗaukar babba goma. Ka hana shi ɗaya, yana iya kai duka biyun wani gidan.

Fulawa ta tashi. Sai na sake lissafin daga farko?

Gudummawar ƙunshi kawai za ka gyara. Mu ce tashin ya ƙara naira 90 a kan babba, 40 a kan ƙarami, 40 a kan kek. A ƙunshi: 360 da 200 da 40, jimla 600. Gudummawa ta sauka zuwa 2,400. Matakin ya koma ƙunshi 750, cinikin miliyan 7.5. Tazara ta koma naira 500,000, kashi 6 da ɗoriya. Riba 120,000. Kuɗin kayan haɗi bai tashi da kashi 9 ba ma, amma ya cinye kashi 80 na ribar. Sana'ar da gudummawarta ba ta da kauri haka take.

In kana da kwamfuta, zuba gudummawar kayan uku a B2 zuwa B4, kason kowanne a ƙunshi a C2 zuwa C4, kuɗin dindindin a E1. Wannan zai ba ka adadin ƙunshi duk sanda ka canza lamba:

```
=E1/SUMPRODUCT(B2:B4,C2:C4)
```

Kuɗin dizal fa? Wani sashe tsayayye ne, wani yana bin aiki.

Raba shi. Ɗauki watan da aka fi aiki da watan da aka fi ƙarancinsa. Mu ce a ƙwaya 9,000 an kashe 510,000, a ƙwaya 6,000 an kashe 420,000. Bambancin 90,000 a kan ƙwaya 3,000, naira 30 kowace ƙwaya. Wannan ya shiga kuɗin da ke bin kaya. Sauran 240,000 shi ne tsayayyen da muka sa a sama. Amma ka zaɓi watannin da farashin lita bai canza a tsakaninsu ba, in ba haka ba tsadar mai za ka auna, ba yawan aiki ba.

A wani darasi na ga an samu miliyan 5.2 da irin waɗannan alƙaluman. Wanne ne daidai?

Duka biyun, kowanne da zatonsa. Wancan lissafin yana ɗauka cewa kayan da ya fi barin kaso mai tsoka shi ake fara sayarwa har ya ƙare, sannan mai bi masa. Kek na naira 800,000 ya ba da 480,000. Saura 1,320,000, wanda babban burodi zai cike da cinikin 4,400,000. An haɗa, miliyan 5.2, ba a ma taɓa ƙarami ba. In aka zana yadda riba ke hawa da ƙaruwar ciniki, wannan lissafin shi ne layin da ke lanƙwashewa a sama, shi kuwa na haɗi tsayayye miƙaƙƙen layi ne a ƙarƙashinsa, kuma duk a riba ɗaya suke haɗuwa a ƙarshe.

Amfaninsa shi ne ya nuna maka mafi kyawun abin da zai iya faruwa da kayan da ka tsara sayarwa. Amma babu gidan burodin da ke sayar da kek ɗin wata guda a ranar farko ya ce wa masu shayi su jira. Don tsara wata, miliyan 6 za ka riƙe.

Burodin da ya kwana aka dawo da shi, a ina yake shiga?

Lissafin nan gaba ɗaya yana ɗauka cewa abin da aka gasa an sayar. In cikin kowane babban burodi ɗari ana dawo da biyar a zubar, kuɗin haɗa ɗari ne ke kan casa'in da biyar. Kuɗin da ke bin kowace ƙwayar da aka sayar ya tashi daga 1,050 zuwa kusan 1,105, gudummawa ta sauka daga 450 zuwa kusan 395. A ƙunshi guda ragin naira 220 ne, kuma shi kaɗai ya isa ya ɗaga matakin daga ƙunshi 600 zuwa kusan 648. In ana karyar da kwantan a rabin farashi, sai a cire abin da aka samu daga asarar. Ko ta yaya, da adadin da aka sayar aka karɓi kuɗinsa za ka yi lissafin haɗi, ba da adadin da ya fito daga tanda ba.